Yadda za a raba teburin masu karɓar taki bashi gida biyu ba tare da lissafi ya rikice ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni nake riƙe wa Baffana lissafin shagonsa na taki da iri da maganin feshi a Kura, a cikin Excel. Duk wanda ya karɓi kaya sai na rubuta rana, sunansa, ƙauyensu, lambar wayarsa, kayan, adadi, farashi da abin da ya biya. Yanzu layuka sun kusa 900, mutum ɗaya ya fito sau goma ko fiye, kuma in ya sauya waya sai na bi layi-layi ina gyarawa. An ce in raba teburin biyu in haɗa su. Yaya ake yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Shawarar da aka ba ka daidai ce. Sai dai tun farko ka sani cewa rabon kansa aikin 'yan mintuna ne. Inda za ka sha aiki shi ne tantance waye waye a cikin layukan nan, kuma wannan ba kwamfuta ce za ta yi maka ba, kai da Baffa ne za ku zauna a kansa.

Tebur na farko na mutane ne, ka kira shafin `Kwastomomi`. Kowane manomi layi ɗaya tak yake da shi a ciki: suna, ƙauye, waya. Tebur na biyu na abin da ya faru ne a shago, ka kira shi `Ciniki`. Duk karɓar kaya ko kawo kuɗi layi ɗaya ne, amma babu suna a ciki, babu ƙauye, babu waya. Abin da ya haɗa tebura biyun wata 'yar lamba ce da za ka ba kowane mutum, kamar `K014`. Ka tuna katin asibiti: ranar farko ake rubuta sunanka da garinku a buɗe maka fayil, daga nan duk zuwan da ka yi lambar katin kawai ake dubawa. Wannan tsari na ajiye bayanai a tebura masu alaƙa da juna ya samo asali ne daga aikin E. F. Codd na kamfanin IBM a 1970, kuma a kansa manyan ma'ajiyun bayanai na bankuna da kamfanonin waya suke tsaye har yau. Shagon taki ma yana cin moriyarsa.

Lambar nan ina so ka riƙe ta da kyau, domin a kanta komai ya rataya. Mutane da yawa sukan ce me zai sa a ƙirƙiro wata lamba bayan ga suna, ga lambar waya. Suna ba zai yi ba. A ƙauye ɗaya za ka iya samun Sani Musa uku, kuma mutum ɗaya yau an rubuta shi Sani Musa, gobe Alh. Sani, jibi Sani Mai Shinkafa. Lambar waya ta fi suna yaudara, domin tana kama da abin da ba ya maimaituwa. Amma a karkara waya ɗaya takan yi wa gida guda aiki, wa da ƙane da matansu duk ita suke bayarwa. Wani ba shi da waya sam, ta maƙwabci yake faɗa. Wani layinsa ya ɓata ya sayi sabo, kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani kan sake sayar wa wani. Duk abin da zai iya sauyawa, ko mutum biyu su yi tarayya a kansa, bai cancanci ya zama mahaɗi ba. Saboda haka lambar ta zama wadda ba ta nufin komai: `K001`, `K002`, haka har ƙarshe. Kada ka cusa sunan ƙauye a cikinta, irin `KARFI-01`, domin ranar da mutumin ya koma Imawa lambar ta zama ƙarya, kuma za ka ji kana son gyara ta. Harafin K ɗin ma yana da amfani: yana sa Excel ya ɗauki lambar a matsayin rubutu a ko'ina, ba zai cinye sifirin gaba ba, ba kuma za ka wayi gari `14` na wannan shafi ya ƙi gane `014` na wancan ba.

Kafin ka taɓa komai, ka yi kwafin fayil ɗin ka ajiye a filashi ko a waya. A cikin wanda za ka yi aiki a kai, ka sa wa tsohon shafin suna `Tsoho`. Sannan ka ɗauki biro ka rubuta abu biyu a takarda: yawan layukan ciniki, da jimlar bashin da shago yake bin mutane gaba ɗaya. Waɗannan biyun su ne shaidunka a ƙarshen aiki.

Zan ɗauka ginshiƙanka, wato jerin nan na tsaye masu A, B, C a kai, suna bin yadda ka lissafa su: A rana, B suna, C ƙauye, D waya, har zuwa H abin da aka biya. A ginshiƙi I, layi na biyu, ka rubuta wannan ka ja shi har ƙasa:

```
=TRIM(B2)&"|"&TRIM(C2)&"|"&D2
```

Abin da yake yi shi ne haɗa suna da ƙauye da waya a jimla ɗaya, `TRIM` kuma yana share rarar fili da yatsa kan bari a gaba ko bayan suna, wanda ido ba ya gani amma kwamfuta tana lissafa shi. Ka kwafi ginshiƙin I ɗin duka, ka buɗe sabon shafi mai suna `Tantance`, ka liƙa a ginshiƙi A ta hanyar `Paste Special` sannan `Values`. A nan ne, kuma a nan kaɗai, za ka danna `Data` sannan `Remove Duplicates`. Kada ka kuskura ka danna shi a `Tsoho`, domin goge layuka yake yi, kuma mutum kan iya karɓar buhu biyu na taki iri ɗaya sau biyu a rana ɗaya da gaske. Bayan haka ka jera abin da ya rage daga A zuwa Z.

Abin da zai rage maka ba jerin mutane ba ne tukuna. Jerin hanyoyin da aka rubuta mutane ne. In manoman Baffa ɗari da ashirin ne, kada ka yi mamaki in ka ga layi ɗari biyu. Bari mu ɗauki misali da sunayen da na ƙaga, na kuma gajarta lambobin wayar:

```
Alh. Sani Musa|Karfi|...41
Habu Musa|Karfi|...41
Sani M.|Karfi|
Sani Musa|Karfi|...07
Sani Musa|Karfi|...41
```

Na farko da na ƙarshe mutum ɗaya ne: suna ɗaya, ƙauye ɗaya, waya ɗaya, laƙabin Alhaji ne kawai ya shiga. Ka rubuta `K014` a ginshiƙi B a gaban kowannensu. Habu Musa wayarsa ɗaya da ta Sani, amma ƙanensa ne, gonarsa daban, bashinsa daban, don haka lambarsa daban, `K015`. Da waya ka yi mahaɗi da ita, da ka ɗora wa Alhaji Sani bashin ƙanensa ba ka sani ba. Sani Musa mai waya ta biyu shi ne abin tambaya. Ko dai Alhajin ne ya sauya layi, ko kuma wani Sani Musa ne daban a Karfin. Kwamfuta ba ta da hanyar sani. Ka koma `Tsoho` ka duba ranakun. In tsohuwar lambar ta daina fitowa daga watan da sabuwar ta fara, alama ce ta sauyin layi. In kuwa suna fitowa a cakuɗe cikin mako guda, ka fi zaton mutum biyu ne. Amma alama ce kawai, Baffa ne zai yanke, domin shi ya san fuskar wanda ya tsaya a gabansa. Ka ce masa, Baffa, wannan Sanin da ya karɓi buhu huɗu na yuriya farkon rani, Alhaji ne ko wani? Sau da yawa nan take zai ce maka, a'a, wannan ai ɗan gidan mai unguwa ne.

Sauran shi ne Sani M. da ba shi da waya, wanda wataƙila ko Baffa ya manta. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi: in ana shakka, a raba, kada a haɗa. Ka ba shi lambarsa ta kansa, ka sa alamar tambaya a gefen sunansa. Ranar da gaskiya ta fito cewa Alhaji Sani ne, gyaran sauya lamba ne a layi biyu ko uku. Amma in ka haɗa mutum biyu bisa kuskure, za a je ƙofar gidan bawan Allah a nemi kuɗin takin da bai taɓa gani ba, kuma abin da zai lalace a nan ya wuce lissafi, mutuncin shago ne da zumuncin shekaru. Ka zaɓi lokacin da kasuwa ta lafa, bayan la'asar ko da daddare, ku bi jerin a natse. In bai ƙare a zama ɗaya ba, babu laifi.

Da kowane layi na `Tantance` ya samu lamba, sauran aikin mai sauƙi ne. Ka koma `Tsoho`, a ginshiƙi J ka rubuta wannan ka ja ƙasa:

```
=VLOOKUP(I2,Tantance!A:B,2,FALSE)
```

Kowane ciniki zai ɗauko lambar mai shi. Kalmar `FALSE` ta ƙarshe ba ado ba ce. Ita ce take cewa sai an sami daidai wa daida. In ka bar ta, Excel zai kawo maka wanda ya ga ya yi kusa, ya ba ka lambar wani ba tare da ya yi ƙorafi ba. In ka ga `#N/A` a wani layi, ma'anarsa jimlar wannan layin ba ta cikin `Tantance`, galibi don ka gyara suna a `Tsoho` bayan ka riga ka yi kwafi. Da ka ga babu `#N/A` ko ɗaya, ka kwafi ginshiƙin J ka sake liƙa shi a wurinsa da `Values`, don lambobin su zama rubutu tsayayye, ba fomula ba.

Yanzu ka gina tebura biyun. A `Kwastomomi`: A `Lamba`, B `Suna`, C `Kauye`, D `Waya`, kowace lamba sau ɗaya, da cikakken suna da wayar da take aiki yanzu. Kafin ka zuba wayoyi ka mayar da ginshiƙi D ya zama `Text`, in ba haka ba Excel zai cinye sifirin farko, lamba mai alƙaluma 11 ta koma 10. Ina ba da shawarar ka haɗa laƙabi ko sunan unguwa cikin sunan, yadda Sani Musa biyu ba za su yi kama a ido ba. A `Ciniki` kuma: A `Rana`, B `Lamba`, C `Kaya`, D `Adadi`, E `Farashi`, F `Biya`, ka kwaso su daga `Tsoho` gaba ɗaya yadda suke a jere. G ya zama `Saura`, H kuma ya nuna suna don idonka:

```
G2:  =D2*E2-F2
H2:  =VLOOKUP(B2,Kwastomomi!A:D,2,FALSE)
```

Sunan da yake fitowa a H ba rubuta shi ka yi ba, leƙo shi ake yi daga ɗaya teburin. In ka gyara sunan ko wayar Alhaji Sani a layinsa guda na `Kwastomomi`, an gama, ko cinikinsa hamsin ne. Za ka ga wasu suna amfani da `XLOOKUP`, kuma ya fi daɗin aiki, amma babu shi a Excel 2016 da 2019, waɗanda har yanzu ake yawan samu a kwamfutocinmu. `VLOOKUP` yana aiki a kowanne, har da Google Sheets.

Bashin kowane mutum kuma ba da hannu za ka rubuta shi ba. A `Kwastomomi`, ginshiƙi E:

```
=SUMIF(Ciniki!B:B,A2,Ciniki!G:G)
```

Mu gwada da `K014`, da farashin misali. Ya karɓi buhu 3 na yuriya a kan naira 35,000 kowanne, kuɗi ya kama 105,000, ya ba da 50,000, saura 55,000. Bayan mako biyu ya karɓi buhu 2 na kamfa a kan 40,000, bai ba da komai ba, saura 80,000. Da ya sayar da tumatir a Kwanar Gafan ya kawo 60,000. Wannan ma layi ne a `Ciniki`: kaya ka rubuta `Biyan bashi`, adadi 0, biya 60,000, sai saura ya fito -60,000. Fomular za ta tara ukun ta nuna 75,000 a gaban sunansa. Ka yi irin wannan lissafin da hannu ga mutum uku ko huɗu da Baffa ya san bashinsu da ka, ku ga ko ya yi daidai.

Sai shaidun nan biyu da ka rubuta a takarda. Yawan layukan `Ciniki` dole ya zo daidai da na `Tsoho`. Jimlar ginshiƙi G a `Ciniki` dole ta zo daidai da tsohuwar jimlar bashi. Sannan akwai gwaji na uku wanda ya fi su tona asiri: jimlar ginshiƙi E a `Kwastomomi` ita ma dole ta zama wannan adadin, ko naira ɗaya kada ta bambanta. In ta gaza, galibi akwai cinikin da lambarsa ba ta da mai ita a teburin mutane, kuma za ka gan shi da `#N/A` a ginshiƙi H. In ta zarce, galibi lamba ɗaya ce ta fito sau biyu a `Kwastomomi`, ana ƙirga bashinta sau biyu. Wannan fomula a ginshiƙi F za ta nuna maka, duk inda ta ba da fiye da 1 nan matsalar take:

```
=COUNTIF(A:A,A2)
```

Akwai kuskuren da masu sabon koyo kan yi bayan sun ɗanɗana daɗin rabon, wato su kwashe duk abin da ya yi kama da maimaici su kai teburin mutane ko wani tebur na kaya. Ka yi hattara da farashi musamman. Za ka ga 35,000 ya fito a layi ɗari, ka ce bari in rubuta shi wuri ɗaya in riƙa leƙowa. Ranar da taki ya tashi ka gyara wurin nan ɗaya, duk bashin bara zai tashi tare da shi, mutumin da ya karɓa da araha a wayi gari ana binsa kuɗin yau. Farashin da aka yi ciniki a kansa na wannan cinikin ne, a layinsa zai zauna har abada. Haka wanda ya tsaya wa mutum: a damina wansa ne ya tsaya masa, a rani shugaban ƙungiyarsu ne. Haka yaron da aka aiko ya ɗauki kaya, da gonar da aka kai su. Tambayar da za ka riƙa yi wa kowane ginshiƙi ita ce: wannan bayanin na mutumin ne ko na wannan karɓar ne? In zai iya bambanta tsakanin zuwansa na yau da na wata mai zuwa, kuma kana bukatar tuna kowanne, wurinsa `Ciniki`.

Wannan tambayar ita ce kuma za ta nuna maka abin da rabon yake ci. Da ka gyara waya a `Kwastomomi`, tsohuwar ta tafi. Ga mai bin bashi tsohuwar lamba kan yi rana, domin wataƙila ta ɗan'uwansa ce da za a iya samunsa ta kanta. Ƙara ginshiƙi ɗaya na `Waya2` ya wadatar da shago irin naku.

Daga ranar da ka koma sabon tsari, ƙa'idoji kaɗan ne za su tsare shi. Sabon mutum sai an buɗe masa layi a `Kwastomomi` kafin a rubuta cinikinsa, kuma kafin ka buɗe ka nemi sunansa da `Ctrl+F`, kada Alhaji Sani ya samu lamba ta biyu. Lambar da aka ba wani ba a sake ba wa wani, ko ya biya bashinsa, ko ya bar garin, ko ya rasu, Allah ya jiƙan musulmi. Ba a kuma goge layinsa, domin tsofaffin cinikinsa suna nan suna nuni gare shi, magada ma kan zo neman lissafi. Lambar da hannu za ka rubuta ta, kada ka bar fomula irin `ROW()` ta samar da ita, domin da ka sake jera sunaye kowa zai ɗauki lambar wani. In za ka jera teburi kuma, ka tabbata duka ginshiƙan ne suke tafiya tare. In Excel ya tambaye ka, ka zaɓi `Expand the selection`.

Don kare kuskuren yatsa, ka zaɓi ginshiƙi B na `Ciniki`, ka shiga `Data Validation`, ka zaɓi `List`, ka nuna masa ginshiƙin lambobi na `Kwastomomi`. Daga nan in ka buga lambar da babu ita zai ƙi karɓa. Sai dai kariyar tana da iyaka: abin da aka kwafo aka liƙa yana wuce ta ba tare da an tare shi ba, kuma ba ta hana ka buga `K041` a maimakon `K014` tunda dukansu suna nan. Shi ya sa sunan da yake fitowa a H yake da muhimmanci. Duk lokacin da ka buga lamba, ka ɗaga ido ka karanta sunan, in da hali ka faɗe shi mai kayan ya ji. Ka kuma buga jerin lambobi da sunaye a takarda ka ajiye a kan teburin shago, don ranar da babu wuta ko caji ya ƙare a rubuta ciniki a littafi da lambar mutum, shigarwa daga baya ta zo da sauƙi.

Excel ba ya tilasta alaƙar da ke tsakanin tebura biyun, kai ne kake tsare ta. Manhajojin da aka gina don wannan aiki su suke tilastawa. A Microsoft Access, in ka haɗa teburan ka kunna `Enforce Referential Integrity`, ba zai bari a shigar da cinikin da ba shi da mai shi ba, ba kuma zai bari a goge mutumin da yake da ciniki ba. Amma ga layuka 900 da mutum ɗaya mai shigarwa, ban ga dalilin da zai sa ka bar Excel yanzu ba. Ranar da shago ya yi reshe a Bunkure ko Garun Malam, mutum biyu ko uku suna shigar da ciniki, lokacin ne za ka yi tunanin ƙaura, kuma tebura biyun nan yadda ka gina su haka za su shiga can ba tare da an sake tantance kowa ba. Shafukan `Tsoho` da `Tantance` kuwa kada ka goge su, ka bar su a cikin fayil ɗin aƙalla har a gama karɓar bashin wannan kakar, domin in wani ya yi gardamar wani layi, a can za ka ga yadda aka rubuta sunansa a ranar da ya karɓi kayan.